Tambayoyi da amsoshi kan haɗa katin aljihu daga littafin darasin fiziks

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai suka fi yi idan sun zauna za su tsamo ma'anoni, ma'aunai da tsayayyun lambobi daga rubutun da suka yi a aji, su mayar da su kan ɗan kati guda. Abin da nake nufi da tsayayyar lamba shi ne irin saurin haske ko cajin ilektaron, wadda ba ta canzawa daga tambaya zuwa tambaya.

Wane girman kati zan yi amfani da shi?

Ka ɗauki takardar A4 ka ninka ta sau biyu. Abin da ya fito shi ne girman A6, milimita 105 a faɗi da 148 a tsawo, kuma yana shiga aljihun riga. Gaba na ma'anoni ne da ma'aunansu, baya na tsayayyun lambobi da canjin ma'auni. Idan babi ɗaya ya ƙi shiga, kada ka ƙanƙanta rubutu har ya koma kamar sawun kiyashi. Ko dai ka yi wa babin katinsa daban, ko kuma, wanda shi ya fi yawa, ka ɗebo abin da bai kamata ya hau kati ba.

To me ya kamata ya hau, me za a bari a littafi?

Kowane abu da ake aunawa layi ɗaya yake samu, kuma layin yana ɗauke da abu huɗu: sunansa, harafin da ke wakiltarsa, fomular da ta ba shi ma'ana, da ma'auninsa. Bayanin malam, tarihin wanda ya gano abin, matakan da aka bi aka fito da fomula, duk su zauna a littafi.

Bari mu ɗauki misali daga babin zafi. A littafinka wataƙila akwai rabin shafi: malam ya ce ruwa yana daɗewa kafin ya yi zafi, ƙarfe kuwa nan da nan, ya zana tukunya da ma'aunin zafi a ciki, ya kawo teburin abubuwa goma, sannan a tsakiyar sakin layi ya ce c shi ne yawan zafin da ake bukata don ɗaga kilogiram ɗaya na abu da kelbin ɗaya. Wannan jimlar kaɗai ka zo nema. A kati za ta koma haka:

```
c = Q / (m ΔT)      [J kg⁻¹ K⁻¹]
ruwa: c ≈ 4200
```

Ka lura da cewa ma'aunin yana maimaita ma'anar kalma bayan kalma: jul, a kowane kilogiram, a kowane kelbin. Wanda ya iya karanta ma'aunin da baki ya riga ya haddace ma'anar, shi ya sa ba na ɓata fili wajen rubuta doguwar jimla idan ma'aunin ya faɗe ta. Daga teburin abubuwa goman nan, ruwa kaɗai nake ɗauka, domin shi ne ake yawan sa ran ka sani da ka. Na tagulla ko dalma, tambaya ce ke kawo su.

Duk fomuloli ne a wurina. Yaya zan gane wadda take ma'ana da wadda ba ita ba?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan, kuma a kanta yawancin katuna ke lalacewa. Fomulolin da ke littafinka kashi uku ne, ko da yake malam ya rubuta su da alli iri ɗaya.

Akwai wadda take ba abu suna. Matsi shi ne ƙarfi a kan fili, P = F/A. Babu ranar da wannan za ta zama ƙarya, domin mu ne muka yarda mu kira wannan rabon da sunan matsi. Akwai kuma wadda take doka, wato abin da aka gwada aka ga duniya tana yi, kuma tana da iyaka. Sannan akwai wadda aka fitar don wani yanayi na musamman, kamar P = ρgh, wadda matsin ruwa ne da ke tsaye cak, a zurfin h. Idan ka rubuta P = F/A da P = ρgh a jere ba tare da wata alama ba, ranar da aka ba ka bulo a kan tebur za ka tsaya kana neman h.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Ka tambayi kanka: akwai wani yanayi da wannan fomular za ta daina aiki? Idan babu, ma'ana ce. Idan akwai, sai ka rubuta sharaɗin a gefenta, ko da kalma biyu ce.

Babin lantarki ya fi nuna wannan a fili. R = V/I ma'anar turjiya ce, kuma tana aiki ga kowane abu da wuta ke bi ta cikinsa. Dokar Ohm wani zance ne daban: tana cewa ga wayar ƙarfe, muddin zafinta bai canza ba, wannan R ɗin yana nan yadda yake ko ka ƙara V ko ka rage. Kwan fitila mai zare yana da turjiya, kana iya raba V da I a kowane lokaci ka samu lamba, amma lambar tana hawa yayin da zaren ke ƙara zafi, don haka ba ya bin dokar. Ɗalibin da ya rubuta "Dokar Ohm: R = V/I" a katinsa ya haɗa abu biyu ya rasa duka. A nawa katin layi biyu ne: na farko R = V/I da ma'auninsa Ω, na biyu "R ba ya canzawa: wayar ƙarfe, zafi tsaye".

Haka fomulolin tafiya suke, irin v = u + at da s = ut + ½at². Ba ma'ana ba ne. Suna aiki ne kawai idan a ba ya canzawa a tsawon tafiyar, don haka ka kewaye su da akwati ɗaya ka rubuta sharaɗin a samansa sau ɗaya.

Sai na rubuta ma'anar da kalmomi, ko fomula ta isa?

Ga yawancinsu fomula da ma'auni sun isa. Inda ake tambayar ma'anar da kalmomi, ka rubuta 'yan kalmomin da in suka faɗi ma'anar ta rushe: "a kowane", "a tsaye kan filin", "ba tare da zafi ya canza ba". Misali aiki: W = Fs ba ta cika ba sai an ce s tafiya ce ta fuskar da ƙarfin yake turawa. Wannan ɗan ƙarin shi ake ba maki.

Me ya sa ake cewa a warware ma'auni zuwa tushensa? Ba ɓata fili ba ne?

Tsarin SI yana da ma'aunai bakwai na tushe: mita, kilogiram, sakan, amfiya, kelbin, mol da kandela. Duk sauran daga cikinsu aka gina su. Ba sai ka warware kowane layi ba, amma waɗannan huɗun sun cancanci wurinsu:

```
N  = kg m s⁻²
J  = N m  = kg m² s⁻²
W  = J s⁻¹
Pa = N m⁻²
```

Na lantarki kuma uku: C = A s, V = J/C, Ω = V/A.

Amfaninsu shi ne su ne alƙalin katin. A ce ka kwafo fomular lilon fendulum, sai hannu ya juya ta, ka rubuta T = 2π√(g/l) maimakon T = 2π√(l/g). Ka sa ma'aunai a ciki. A ta daidai, mita ce a kan mita bisa sakan sau biyu: mita ta cinye mita, s² ya hau sama, tushensa ya ba da sakan, wanda shi ne ma'aunin lokaci. A juyayyar kuwa s⁻¹ za ka samu, kuma lokaci ba ya fitowa a haka. Ka kama kuskuren tun kafin ka taɓa kalkuleta.

Sai dai wannan alƙalin yana da inda idonsa bai kai ba. Ba ya ganin lambar da ba ta da ma'auni. Idan ka manta 2π, ko ka bar ½ a ½mv², ma'aunai za su fito daidai su bar ka cikin kuskure. Maganin wannan shi ne ka ajiye misali ɗaya da ka san amsarsa: fendulum mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan sakan 2 ya je ya dawo. Idan fomularka ta ba da 0.32, to 2π ta faɗi a hanya. Kuma ma'auni iri ɗaya ba ya nufin abu iri ɗaya: aiki da ƙarfin murɗawa duk N m ne in an warware, amma aiki kaɗai ake rubuta wa J.

Harafi ɗaya yana nufin abubuwa da yawa a littafina. Ya zan yi?

Haruffan ba su isa ba, shi ya sa. Harafin m yana iya zama mas, ko mita, ko mili. W yana iya zama aiki, ko nauyi, ko wat. T kuwa zafi ne a wani babi, lokacin lilo a wani, jan igiya a wani, kuma shi ne ma'aunin tesla. Ƙaramin k ya fi kowa yawo: na Boltzmann, na sifirin, na dokar Coulomb, ga kuma kilo.

A littattafan da aka buga ana raba su da salon rubutu: harafin abin da ake aunawa a karkace yake, na ma'auni a miƙe. Rubutun hannu ba ya iya wannan, don haka ka ƙirƙiro wa kanka ƙa'ida ka riƙe ta. Ni ma'auni koyaushe cikin baka mai kusurwa nake sa shi, kamar yadda ka gani a sama, ko in rubuta shi da jan biro. Masu k da yawa kuma ka ba kowane ɗan ƙaramin harafi a ƙasansa: k_B, k_e. Kuma ka tsara katin babi babi, kada ka bi jerin abacada, domin c na haske da c na zafi kada su zama maƙwabta.

Babban harafi da ƙarami ma ba ado ba ne. Tsakanin mW da MW akwai ninki 10⁹. Kilo ƙaramin k ne, babban K kelbin ne, kuma ba a sa masa alamar digiri.

Wani abu da ya shafe mu mu masu tunani da Hausa: kalmar nauyi tana ɗaukar abu biyu da fiziks ya raba. Idan kana ƙara wa katinka bayani da Hausa, ka bar mas ga abin da ake aunawa da kilogiram, nauyi kuma ga ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, W = mg, a niyuton.

Waɗanne tsayayyun lambobi zan saka, kuma gurbi nawa zan rubuta?

Ka saka waɗanda ka ga an yi amfani da su a lissafin da kuka yi, ba duk wanda ke bayan littafi ba. Ga mai karatun farko yawanci ba su wuce goma ba:

```
c   = 3.00 × 10⁸     m s⁻¹
h   = 6.63 × 10⁻³⁴   J s
e   = 1.60 × 10⁻¹⁹   C
m_e = 9.11 × 10⁻³¹   kg
G   = 6.67 × 10⁻¹¹   N m² kg⁻²
k_B = 1.38 × 10⁻²³   J K⁻¹
N_A = 6.02 × 10²³    mol⁻¹
R   = 8.31           J mol⁻¹ K⁻¹
```

Gurbi uku sun isa kusan kowane lissafin aji, domin lambobin da tambaya ke bayarwa da wuya su wuce gurbi biyu ko uku. Kada ka rubuta lamba ba ma'auninta. G da aka rubuta shi tsirara rabin G ne, domin ma'auninsa ne ke tuna maka cewa a F = Gm₁m₂/r² nisa sau biyu yake a ƙasa.

Akwai kuma 'yan uwantaka tsakaninsu da ke taimaka wa mai dubawa. Ka ninka N_A da k_B: 6.02 sau 1.38 ya ba da 8.31, kuma 10²³ da 10⁻²³ sun cinye juna. R ke nan. Da lissafi ɗaya ka duba layi uku.

Littafina ya ce g = 10, wani ya ce 9.8, wani 9.81. Wanne ne gaskiya?

Ƙaramin g ba ya cikin sahun waɗancan, shi ya sa ban jera shi da su ba. Yana canzawa da wuri: kusan 9.78 m s⁻² a kan layin ikweta, kusan 9.83 a ƙuryar arewa da ta kudu. Akwai lambar da aka yi ittifaƙi a kanta, 9.80665, amma yarjejeniya ce. Ka rubuta 9.81 a kati, ka ƙara "a bi na tambaya". Idan tambaya ta ce a ɗauki 10, ka ɗauki 10, in ba haka ba amsarka za ta kauce da kusan kashi biyu cikin ɗari ka yi ta neman kuskuren da babu shi. Saurin sauti a iska da c na ruwa ma haka suke, sun dogara da yanayi, don haka wurinsu daban a ƙasan katin, da alamar ≈ a gabansu.

Na ji an ce an canza ma'anar kilogiram. Tsohon littafina ya zama banza ke nan?

A'a. Daga ranar 20 ga Mayu, 2019, an daina danganta kilogiram da dunƙulen ƙarfen da aka ajiye a Faransa, aka koma danganta shi da lambar Planck, wadda aka tsayar a 6.62607015 × 10⁻³⁴ J s daidai wa daida. A rana guda aka tsayar da e, k_B da N_A. Saurin haske kuwa tun 1983 aka tsayar da shi a 299 792 458 m s⁻¹. A gurbi uku babu abin da ya motsa, don haka lambobinka suna nan. Abin da zai iya tsufa shi ne jimlar ma'anar: idan littafinka ya ce kilogiram shi ne mas ɗin wancan dunƙulen, ko ya ba da ma'anar amfiya da wayoyi biyu masu nisan mita ɗaya, tsohuwar ma'ana ce. Ka duba wadda manhajarku take nema kafin ka kwafa.

Wane canjin ma'auni ne ya fi kayar da mutane?

Na fili da na girma. Kowa ya san santimita ɗaya 10⁻² m ce, amma idan aka zo cm² sai hannu ya sake rubuta 10⁻². Daidai shi ne 10⁻⁴ m², kuma cm³ shi ne 10⁻⁶ m³. Ka ba su layinsu, tare da lita = 10⁻³ m³, da 1 g cm⁻³ = 1000 kg m⁻³, da raba km/h da 3.6 a samu m/s. Sai T = θ + 273, mai mayar da digirin Salsiyas zuwa kelbin, idan za ka shiga dokokin iskar gas, inda dole a yi aiki da kelbin. Bambancin zafi kuwa, ΔT, lamba ɗaya ce ko a digiri ko a kelbin, ba a ƙara masa 273.

Idan ka tsamo c na ruwa daga wurare biyu, ka kula: wani yana rubuta 4.2 saboda a giram yake aunawa, wani 4200 saboda kilogiram. Kati ɗaya, tsari ɗaya.

Na gama rubutawa. Ta yaya zan san katin ya yi?

Ka rufe littafi, ka ɗauko tambayoyi uku ko huɗu da ka riga ka san amsarsu, ka warware su da katin kaɗai. Duk inda hannunka ya kai ga littafi, akwai abin da ya ɓata. Duk layin da ba ka taɓa ba bayan tambayoyi ashirin, ka yi tunanin cire shi.

Ga yadda gwajin yake tafiya. Haske mai tsawon zango 500 nm ya faɗa kan ƙarfe, kuma tambaya ta ce ana bukatar 2.30 eV kafin ilektaron ya kuɓuce daga ƙarfen. Nawa ne mafi yawan makamashin da zai fita da shi? Abu na farko, nano: dole katin ya gaya maka 10⁻⁹, don haka λ = 5.00 × 10⁻⁷ m. Sai E = hc/λ, wato 6.63 × 10⁻³⁴ sau 3.00 × 10⁸, a raba da 5.00 × 10⁻⁷, ya ba da 3.98 × 10⁻¹⁹ J. Nan ne mutane da yawa ke tsayawa, domin amsar tana jul, abin da za a cire kuma yana eV. Idan katinka ba shi da layin 1 eV = 1.60 × 10⁻¹⁹ J, ka gano giɓin farko. Da shi, 3.98 a raba da 1.60 ya ba da kusan 2.49 eV, a cire 2.30, saura kusan 0.19 eV.

Wannan misalin yana kuma nuna iyakar gurbi uku. Da cikakkun lambobi, makamashin hasken 2.48 eV ne, saura 0.18. Ɗan bambancin da ba a ganinsa a 2.49 ya zama kashi biyar cikin ɗari bayan an yi ragi, saboda an cire lambobi biyu masu kusanci da juna. Idan babinku yana yawan irin wannan, ka ƙara gurbi ɗaya ga h da e, wato 6.626 da 1.602, ko ka rubuta hc ≈ 1240 eV nm, wadda da ita 1240 a raba da 500 take ba da 2.48 kai tsaye.

Wane kuskure ne ya fi wuyar ganewa a katin da aka gama?

Ƙananan lambobin da ke saman goma. Ido yana duba 9.11 ya gamsu, ba ya hawa sama. Na taɓa yawo da kati mako guda da m_e = 9.11 × 10⁻¹³, na juya 31 ta koma 13, kuma na karanta shi ya fi sau goma ban gani ba. Abin da ya tona shi tambaya ce: ilektaron da aka tura da bolt 100, nawa ne saurinsa? Fomular ita ce v = √(2eV/m). Amsar daidai kusan 5.9 × 10⁶ m s⁻¹ ce. Tawa ta fito 5.9 × 10⁻³, wato milimita shida a sakan, ilektaron da tururuwa za ta wuce shi. Gurbin 5.9 ya fito daidai, shi ya sa na daɗe ina zargin kalkuleta.

Tun daga nan nake duba lambobin sama daban da na ƙasa: zagaye ɗaya na karanta 6.63, 1.60, 9.11, zagaye na biyu na karanta 34, 19, 31 kawai, ina kwatanta su da littafin da aka buga, ba da rubutun hannuna ba, domin kuskuren yana iya kasancewa tun daga allo aka kwafo shi. Alamar ragi ma ka ja ta da tsawo. Kati yana goguwa a aljihu, kuma ɗan gajeren layin nan shi ne farkon abin da ke shuɗewa, sai 10⁻¹⁹ ya wayi gari 10¹⁹.

Zan iya ɗaukar hoton katin abokina in huta?

Kana iya karɓa don kwatantawa bayan ka gama naka, kuma sau da yawa za ku kama wa juna kuskure. Amma haruffansa na malaminsa ne ko na littafinsa: wani yana rubuta f ga yawan kaɗawa a sakan, wani ν, wani yana sa θ ga zafi, wani T. Idan katin bai yi magana da haruffan da za ka gani a takardar tambaya ba, sai ka tsaya fassara a lokacin da ba ka da shi.

Ana shiga ɗakin jarrabawa da shi?

Sai inda aka faɗa a fili cewa an yarda, kuma a nan ma akan ƙayyade girmansa da ko dole ya zama rubutun hannu. Inda ba a faɗa ba, ka ciro shi daga aljihu ka bar shi a jaka kafin ka shiga, domin samunsa a jikinka kaɗai laifi ne ko ba ka duba ba. Wasu jarrabawar suna buga tsayayyun lambobi a shafin farko. Idan taka tana yi, ka samo tsohuwar takarda ka ga waɗanda ake bayarwa, ka sa musu ɗigo a katinka, ka mayar da ƙarfin haddarka kan ma'anoni da sharuɗɗan da ke gefen fomuloli, waɗanda ba a buga wa kowa.